Sharhi: jerin ajiyar kaya a manhajar sayayya, da fankar da ta tona asirin rangwamen Nuwamba

Da farko yabo zan yi, domin tambarin zuciyar nan da ake dannawa a gefen hoton kaya yana da amfani. Kana dannawa, kayan sun shiga jerin da manhajar ke kira Wishlist, su zauna a can suna jiranka, ba sai ka sake neman su cikin dubban kaya ba. Ga mai sayayya daga Bauchi, wanda duk abin da ya saya sai ya yi kwanaki a hanya daga Legas, wannan jiran kaɗai yana hana ɓarnar kuɗi. Abin da ya yi mako biyu a jerin ba ka ko tuna da shi ba, ka san ba buƙata ba ce, ka goge shi.

Amma ɓangaren da ake cewa yana bin diddigin farashi, a nan na ga abin da ya ɓata mini rai, kuma fanka ce ta nuna mini. Fanka mai caji, inci 16, da ɗan farantin sola a cikin kwalinta. Ta shiga jerin a farkon Oktoba, kuma duk Asabar ina ɗaukar hoton allon, in rubuta farashin a littafi tare da kwanan wata da sunan mai sayarwa. Mako huɗu na Oktoba tana kan naira 62,000, sau ɗaya ta sauka zuwa 61,500 ta koma. Makon farko na Nuwamba, ba sanarwa ba komai, ta koma 71,000. Da aka buɗe abin da suke kira Black Friday, wanda asalinsa rana ɗaya ce a ƙarshen Nuwamba amma a Najeriya shagunan intanet kan ja shi kusan tsawon watan, sai saƙo ya shigo wayar cewa kayan da ke jerina sun yi araha. An rubuta 86,000 an ja masa layi, a ƙasa an sa 64,500, a gefe da jan rubutu ragin kashi 25 cikin 100.

Lissafin kashin daidai yake, 86,000 ɗin ce matsalar, domin a duk makonnin da na rubuta fankar ba ta taɓa kai wannan kuɗin ba. Wanda bai ajiye farashin Oktoba ba zai ga ya tsira da 21,500. Wanda ya leƙa a farkon Nuwamba zai ga ya tsira da 6,500. Littafin kuwa cewa ya yi an ƙara 2,500 a kan farashin da aka saba. Dalilin a fili yake: jerin ba ya nuna tarihin farashi, na yau kawai yake nunawa, sai wanda aka ja wa layi, kuma wannan ɗin mai sayarwa ne ke sa shi. Haka kawai magidanci ya tara kuɗinsa wata guda yana jiran ranar rangwame, ya ƙare da biyan fiye da abin da zai biya da bai jira ba. Wannan ya yi mini ciwo.

Ga kuma kuɗin kawowa, wanda ba ya fitowa a jerin sam. Sai ka jefa kayan cikin kwando, ka sa adireshin Bauchi, ka kai matakin ƙarshe kafin biya, sannan ka gan shi. Na fankar 4,500 ne zuwa wurin karɓa, jimla 69,000. A makon nan ɗin, irinta a Kasuwar Wunti an yi mata kuɗi 68,000, aka taya, mai shago ya sallama a 63,000, ya kunna ta a gabanka, ka duba makunnin gudu ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka farashin da ya kamata ya shiga littafi shi ne na matakin ƙarshen nan, a gefensa kuma farashin sallama na Wunti ko Kasuwar Muda Lawal. Kiran waya ɗaya ga ɗan kasuwar da ka saba da shi ya isa: "Alhaji, nawa ƙarshenta yau?"

Arahar gaskiya a Janairu ta zo, tsakiyar hunturu, lokacin da kowa ke neman bargo babu mai waiwayar fanka. Ta sauka zuwa 55,000, da kuɗin kawowa 59,500. To amma jerin bai ce uffan ba. Abin da ya faru shi ne, tambarin zuciyar yana riƙe da tallan mutum ɗaya ne, ba ya riƙe da fankar kanta. Wancan mai sayarwar kayansa sun ƙare, jerin ya nuna babu, alhali wani na daban ya sa irinta sak a wani shafin da rahusa. Sai da na rubuta lambar samfurin a wurin bincike na gan ta. Don haka a riƙa ajiye lambar samfurin, a kuma saka talla biyu ko uku na kaya ɗaya a jerin. A karanta bayanin ƙasa da kyau kafin a yi murna, domin wani lokaci arahar daga ragin kaya take fitowa: hoto da farantin sola, rubutu kuma fanka zalla, ko batir mai 4.5Ah a maimakon mai 7Ah. Ƙaramin ba zai kai ka asuba ba in an ɗauke wuta.

Wanda ya saya a hunturu kada ya tura kwalin ƙarƙashin gado sai Maris. Yawancin fankokin nan batirin dalma ne a cikinsu, shi kuwa yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba, in ya daɗe a haka ƙarfinsa ba ya dawowa duka. A buɗe ta ranar da ta iso, a cika mata caji, a kunna ta a duba awa nawa take yi, tun kwanakin mayar da kaya ba su ƙare ba, wanda a shagon da nake amfani da shi 7 ne. Bayan nan a riƙa yi mata caji ko sau ɗaya a wata. In ba haka ba, ragin 7,000 ɗin da aka samu a kan jimlar Oktoba zai fara zubewa a wurin mai sayar da batir.

Ƙarshen Maris, da bazara ta kankama, fankar ta kai 74,000. A wannan lokacin jira ba dabara ba ce, domin farashin ba zai sassauta ba sai ruwa ya zauna, ga yara ba sa barci. In buƙatar ta kama a lokacin, gara a nufi Wunti a taya, a gwada, a ɗauko. Haka kuma idan dala na hawa mako bayan mako, kayan da ake shigowa da su daga waje ba sa jiran Nuwamba.

Jerin yana nan a wayata, ina ajiye kaya a ciki, amma saƙonnin da yake turowa na kashe su. Tauraro 2 cikin 5 na ba shi, kuma ba zan ƙara ba sai ranar da ya fara nuna farashin watanni uku da suka wuce a ƙarƙashin kowane kaya.