Sharhi: VPN na kuɗi wajen kallon fina-finai, da dalilin da sabar jiya ke ƙin aiki yau

Na sayi VPN na kuɗi, irin wanda tallarsa ke cewa zai buɗe maka fina-finan kowace ƙasa, na gwada shi a waya da kwamfuta da talabijin. Wajen sauri ba laifi, wajen ɓoye abin da kake yi a wai-fai na otal ko filin jirgi ma ya yi aikinsa. Wajen kallo kuwa sai a hankali, yau ya buɗe, gobe ya ƙi, alhali sabar da ka danna ita ce dai ta jiya. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don matsalar ta shafi duk masu wannan sana'a.

Dalilin da ya sa dandalin kallo ke farautar VPN ba ɓoyayye ba ne. Ana sayar da haƙƙin nuna fim ko wasan ƙwallo ƙasa-ƙasa, kuma wanda ya saya ya ɗauki alkawarin ba zai nuna a wajen iyakar da ya biya ba. Netflix ta sanar a watan Janairu na 2016 cewa za ta tsananta toshe masu shigowa ta bayan gida, BBC iPlayer kuma don masu zaune a Birtaniya da ke biyan lasisin talabijin aka yi shi. Sharuɗɗan amfani na irin waɗannan dandali sun haramta zagaye iyakar, mai saye ya san da wannan tun farko.

Abin da ya fi tona asirin VPN shi ne asalin adireshin IP ɗinsa, wato lambar da shafuka ke ganin ka shigo da ita a intanet. Kowane adireshi yana ƙarƙashin wata hanyar sadarwa mai lambar rajista da ake kira ASN, kuma kowa na iya duba wannan rajista. Adireshin da MTN ko Airtel ya ba wayarka yana nuna kamfanin waya ne mai hulɗa da jama'a. Sabar VPN kuwa haya ake ɗaukarta a manyan gidajen ajiye sabobi, inda ba mai zama ya kalli fim. Da dandali ya ga mai kallo ya fito daga irin wannan gida, zargi ya riga ya hau. Ba ma sai ya yi binciken da kansa ba. Kamfanoni irin su MaxMind da IP2Location da GeoComply suna sayar da jerin adireshin VPN da furoksi, suna kuma sabunta shi a kai a kai. Sai kuma yawan jama'a: asusu ɗari-ɗari masu katin banki na ƙasashe daban-daban suna fitowa ta adireshi guda. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, domin kamfanonin waya ma suna haɗa dubban mutane a adireshi ɗaya, amma idan ya haɗu da ASN na gidan sabobi, magana ta ƙare.

Yanzu ga batun jiya da yau. Abin da manhaja ta rubuta maka, misali "United Kingdom #12", suna ne kawai, ba adireshi ba. Kamar tashar mota yake: sunan tasha ɗaya, amma motar da ke kan layi yau ba lallai ita ce ta jiya ba. A bayan sunan akwai tarin adireshin fita, kuma duk sanda ka haɗa ana iya ba ka wani daban. Ana ganin wannan da ido. Haɗa VPN a kwamfuta ka rubuta:

```
curl ipinfo.io
curl -6 ifconfig.co
```

Layi na farko zai nuna `ip` da `country` da `org`, inda lambar ASN da sunan mai hanyar suke. A ce ranar Litinin ka ga 203.0.113.24 (lambar misali ce) kuma fim ya buɗe. Ranar Talata ya ƙi. Ka sake dubawa. In adireshin ya koma 203.0.113.91, to an sauya maka mota ne, aka ba ka wadda aka riga aka gane. Cire haɗin ka sake haɗawa, wataƙila ka dace. In kuwa yana nan a .24, to jerin masu toshewa ne ya cim masa cikin dare, kuma sake haɗawa da wannan adireshi ɓata lokaci ne. Mafi muni shi ne a toshe rukunin gaba ɗaya. Sau da yawa ana yi wa adireshi hukunci a dunƙule, rukuni mai 256 da ake rubutawa `/24`, shi ya sa za ka bi saba uku ko huɗu na gari ɗaya duk su ƙi, don duk 203.0.113 suka fara da shi. A nan sai ka nemi wani gari wanda `org` ɗinsa ya bambanta.

Layi na biyu na kama yoyo ne. In ya nuna adireshin IPv6 na kamfanin da ke ba ka intanet alhali VPN na kunne, to wani ɓangare na zirga-zirgarka yana bin waje, dandali kuma yana ganin ƙasa biyu a lokaci guda. Haka DNS, tsarin da ke juya sunan shafi zuwa adireshin IP, ke yi: adireshi ya ce Landan, tambayar suna ta fito daga Najeriya. Shafin dnsleaktest.com zai nuna maka. VPN ɗin da na gwada ya toshe yoyon biyu a kwamfuta, amma fa sai da aka shiga saiti aka kunna da hannu, abin da ya kamata a ce a kunne ya zo.

Yadda abin ya ƙi ma yana faɗa maka inda matsalar take. A Netflix, saƙo mai lamba `M7111-5059` yana nufin an gane VPN ko furoksi kai tsaye. Wani lokaci ba saƙo ko ɗaya, sai dai ka nemi fim ka rasa, domin an bar maka waɗanda take da haƙƙin nunawa a duniya baki ɗaya kawai. Mutane da yawa na ɗauka an cire fim ɗin ne. Akwai kuma inda jerin fina-finai zai buɗe tsaf, ka danna kallo ya tsaya. Shiga asusu da sauko da bidiyo ba wuri ɗaya suke bi ba. Wasu masu VPN suna karkatar da ɓangaren shiga ta wata hanya ta musamman, bidiyon kuma ya bi adireshin sabar, sai a kama shi a ƙofa ta biyu. In kuma burauza ta buɗe amma manhajar waya ta ƙi a saba ɗaya, kar ka zargi adireshi. Manhajar ce ke riƙe da tsohon bayanin ƙasarka, sai ka rufe ta gaba ɗaya, ka share ajiyarta, ka haɗa VPN kafin ka sake buɗewa.

Abin da bai taimaka ba, duk da masu kula da abokan ciniki sun fi son ba da shi, shi ne sauya tsarin haɗin VPN daga WireGuard zuwa OpenVPN ko kunna yanayin ɓad-da-kama. Waɗannan suna ɓoye VPN ne daga kamfanin da ke ba ka intanet. Dandalin kallo bai ganin wannan ɓangare, adireshin fita kawai yake gani. In sauyawar ta yi aiki, to sabon adireshi ne ya faɗo maka a hanya. Adireshi na kanka kaɗai da ake ƙara wa kuɗi yana kawar da matsalar cunkoso, amma yana nan a gidan sabobi, kuma ranar da aka gane shi ba ka da wani da za ka koma.

A ganina yawan sabobin da ake tallatawa ba ma'auni ba ne. Abin dubawa shi ne hanyoyi nawa daban-daban kamfanin ke haya a ƙasar da kake so, da kuma kwana nawa yake ɗauka kafin ya maye gurbin adireshin da ya ƙone. Wannan da na gwada yana da sabobi barjat a Birtaniya, amma `org` ɗin yawancinsu iri ɗaya ne, in ɗaya ta faɗi sai su bi ta.

Don tsaro a wai-fai na jama'a, kuɗinsa ya halatta. Don kallo kuwa, wata ɗaya za ka biya, kada rangwame ya ja ka ga na shekara biyu. Ka gwada shi a na'urar da za ka riƙa kallo da ita, a ranaku daban-daban, kana rubuta adireshin da aka ba ka kowace rana. Kuma ka sauke ingancin hoto lokacin gwaji, don HD a Netflix na iya cin kusan GB 3 a awa guda.