Akwatin matse ciyawa da na sayo a Tawa: abin da na gani bayan rani guda

Shanu uku gare ni, Azawak biyu da wata tsohuwar saniya da na gada, kuma gonarmu tana wani fadama a kan hanyar Keita. Shekara da shekaru abin da muke yi ɗaya ne: in an gama girbin hatsi a tara kara, a yayi busasshiyar ciyawa da manjagara, a naɗe harawar wake a jefa bisa rumfa. Kafin watan Afrilu harawar ta ƙare, sai a koma sayen dusa kamar ana sayen magani. Bara na ga wani akwatin ƙarfe a wurin wani mai walda a cikin garin Tawa, na ba da jika 45 aka yi mini irinsa. Yanzu ya ci rani guda a hannuna, ina da abin faɗi a kansa.

Akwati ne kawai, ba inji ba. Tsawonsa santimita 90, faɗi 45, zurfi 40. Yana da murfi da ake dannawa da doguwar sandar ƙarfe, gefe ɗaya kuma yana buɗewa don a fiddo dami. Ana shimfiɗa igiya biyu a ciki, bakinsu na lilo a waje, a zuba ciyawa a tattake da ƙafa, a ƙara, a danna murfi, a ɗaure, a buɗe. Ni da ƙanena muna fidda dami ɗaya cikin minti goma in hannu ya saba. Na auna guda goma a sikelin mai sayen albasa, kowanne ya faɗa tsakanin kilo 11 da 13.

Wannan awon shi ne amfani na farko da na samu, kuma ban yi tsammaninsa ba. Saniya tana cin busasshen abinci kamar kilo biyu da rabi a kan kowane kilo 100 na nauyinta a yini. Saniyata mai kilo 300 ke nan tana bukatar kilo bakwai da ɗoriya. Na yanke shawarar kilo huɗu su fito daga dami, sauran daga kara da abin da suka tsinto a daji. Shanu uku, kilo 12, dami ɗaya a yini. Daga farkon Maris zuwa ƙarshen Yuni kwana 120 ne da ƴan kai, don haka dami 120 nake nema. Da can in ka tambaye ni ko harawar da ke bisa rumfa za ta kai mu damina, sai dai in ce Allah ya sa. Yanzu ina ƙirgawa da yatsa.

Ban kai 120 ba. Na ɗaure 94, kuma 11 daga ciki sun lalace. A nan ne nake son in daɗe, don laifin rabi nawa ne, rabi na yadda akwatin yake aiki, kuma mai waldar bai gaya mini ba.

Ciyawar da ake so a yanka tana da sauran kore, lokacin da ta fara fidda kai, ba ta zubar da iri ba. A wurinmu wannan yana faɗawa wajen tsakiyar Satumba zuwa ƙarshensa. In an bar ta a tsaye har Nuwamba ta zama fara fat, ƙarfinta ya tafi cikin iri, iri ya zube ƙasa, abin da ya rage bai fi tsinke ba. Saniya za ta cika ciki da shi amma ƙashin haƙarƙarinta na fitowa. Na yanka kyasuwa da burburwa a gefen fadama da lauje, da gadagi inda ya yi yawa, sannan harawar wake bayan an tsinke ƴaƴan farko, tun ganye bai fara zuba ba. Matsalar ita ce lokacin nan ne kowa yake cikin girbin hatsi, ba ka samun ɗan ƙwadago, sama kuma ba ta gama ba. Kullum ido na gabas.

Rana ta uku da yanka, hadari ya taso da la'asar. Ciyawar ta sha rana yini biyu, mun juya ta sau biyu, a hannu tana ƙara kamar ta bushe. Na ce wa ƙanena mu matse ta kafin ruwa ya sauko. Kawuna yana zaune a gindin gawo yana kallonmu, ya ɗauki ƴar harawa ya kankare karan da farce, ya nuna mini. Fatar ta saluɓe, cikin kore shar, da danshi.

"Ɗana, wagga ba ta ƙosa ba. Ganyen ne ya bushe, karan na da ruwa."

Na ce, "Kawu, in ruwa ya dake ta fa?"

Ya ce, "Ka tara ta tsibi ka rufe, gobe ka baza. Kada ka ɗaure."

Ban ji ba. Muka matse dami 11 a wannan yammacin, muka jera a ɗaki. Bayan kwana huɗu na shiga ɗakin sai na ji wani wari mai tsami-tsami kamar na taba. Na cusa hannu a tsakiyar dami ɗaya, zafi kamar tuwon da aka sauke yanzu. Da muka yanke igiyar, cikin ya yi ruwan ƙasa, ganyen ya manne da juna, ga farin fumfuna, in ka girgiza ƙura ta tashi ta sa ka tari. Ban ba shanu ba, musamman da yake ɗaya tana da ciki. Ramin taki suka tafi.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, harawar da aka naɗe da hannu aka ɗora a rumfa tana ci gaba da bushewa, don iska na ratsa ta. Ko ka yi ɗan gaggawa, tana yafe maka. Wadda aka matse ba ta yafewa. Iska ba ta shiga tsakiyarta, duk ruwan da ya rage yana nan a kulle, sai ta ɗau zafi ta ruɓe, kuma tarin da ya yi zafi sosai har wuta yana iya kamawa da kansa. Wake ya fi ciyawa haɗari a nan, saboda karansa kauri gare shi: ganye ya bushe a yini ɗaya, kara na neman huɗu ko biyar. Burburwa kuwa siririya ce, yini biyu na rana mai kyau sun ishe ta.

Tun daga ranar ba na sa komai a akwatin sai na yi gwaji biyu. Na farko na kawu ne, kankare kara da farce: in fatar ta saluɓe, da saura. Na biyu, in ɗebi ciyawa cikin hannu daga ƙasan tsibi, ba daga sama ba, in murɗa ta da ƙarfi. In ta murɗu kamar igiya, hannu ya ji sanyi, a mayar da ita rana. In wasu karare sun karye, hannu a bushe, to ta yi. Bayan an ɗaure kuma ina soka sandar ƙarfe a tsakiyar dami biyu ko uku, in bar ta kamar rubu'in awa, in zaro in taɓa. Haka nake yi har mako biyu. Ɗan ɗumi a kwanakin farko ba komai ba ne, amma in ƙarfen ya yi zafin da ba ka son riƙe shi, kwance damin nan take ka baza.

Sai kuma kuskure na ɗaya gefen. Da tsoro ya kama ni, na bar harawa ta bushe ƙayau, na zo matsewa da tsakar rana. Ina tattakawa ina jin ganyen na rugurgujewa, ƙasan akwatin ya cika da gari. Alhali amfanin harawa a ganyen yake. Maganin ashe mai sauƙi ne: a matse da sassafe, bayan raɓa ta ɗauke amma ganyen na da sauran laushi. Na kuma koma haɗawa a dami ɗaya, ciyawa a ƙasa, harawa a tsakiya, ciyawa a sama, kashi biyu na ciyawa kashi ɗaya na harawa. Ciyawar na tare ganyen kada ya zube, kuma kowane dami ya zama abinci cikakke, yaro ma zai iya ba shanu ba tare da ya ƙarar da harawa a wata ɗaya ba.

Wajen ajiya akwatin ya biya kuɗinsa. Dami 83 sun shiga ɗaki guda da a da ba ya ɗaukar rabin wannan. Na jera duwatsu, na gicciya itace a kai, na barbaɗa toka a ƙasa saboda gara, na bar tazarar hannu tsakanin damin da bango. A watan Mayu na kwance wani, waje ya ɗan yi fari amma ciki kore ne, da ƙamshinsa. Na maƙwabcina da ya kwana wata bakwai bisa rumfa, rana da iskar hunturu sun cinye shi, saura kara. A amalanke ma ba abin da ke zuba a hanya.

Aikin waldar dai ba yabo ba fallasa. Maƙalar sandar dannawa ta ɓalle a dami na arba'in da wani abu, sai da na kai aka sake ɗinke ta da ƙarfe mai kauri. Bakin ramukan da igiya ke bi ba a goge su ba, sun yanke mini igiya sau da yawa har na sa magagari na gyara da kaina. Nauyinsa kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba shi da ƙafa, sai an ɗora a amalanke. Wanda zai sa a yi masa, ya ce a sa masa marfin gefe mai sakata biyu, don ɗaya tana buɗewa in an danna da ƙarfi.

Igiya ma akwai magana. Na fara da ta roba don tana da araha, sai na tsinci guntunta a bakin tsohuwar saniyar tana taunawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga abin da ake fiddowa daga tumbin dabba ya san inda wannan ke kai mutum. Na koma igiyar kaba. Tana tsinkewa in ta bushe da yawa, sai a jiƙa ta kaɗan tun da dare.

Damin ya ƙare mini a makon ƙarshe na Mayu, na cike sauran da kara da ƴaƴan gawo da buhu biyu na dusa, maimakon buhu shida ko bakwai da na saba saye. Mai cikin ta haihu a Afrilu, ta tashi da ƙafarta ba a ɗaga ta ba, nono bai ɗauke ba. Ga mai tumaki biyu ko saniya ɗaya ban ga dalilin kashe jika 45 ba, ya haɗa kai da maƙwabta su sa kafinta ya yi musu na katako, a tattake da ƙafa. Ga mai shanu uku zuwa sama da ke da ɗakin ajiya, zan ce ya saya. Bana na ware kadada rabi na wake don harawa kaɗai, kuma na riga na gaya wa kawu cewa shi ne zai riƙa kankare kara kafin a buɗe akwatin.