Aroon da ADX: wanne ya fi saurin kama sabuwar tafiya?

"Salam 'yan uwa, don Allah tsakanin Aroon da ADX wanne zan riƙe idan ina so in gane kasuwa ta fara sabuwar tafiya? Na sa su biyun a gwal, Aroon Up ya kai 100 amma ADX na kwance a 16, to wa zan yarda da shi?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowanne abin da yake aunawa daban, shi ya sa ka ga kamar suna musu. Aroon lokaci yake ƙirgawa, ADX kuma ƙarfin motsi.

Bari in fara da Aroon tunda shi ne mutane ba su cika sani ba. Tushar Chande ne ya fito da shi a 1995, sunan daga yaren Sanskrit yake, ma'anarsa hasken asuba, wato wai zai nuna maka ketowar alfijir ɗin tafiya tun rana ba ta fito ba. Aikinsa guda ɗaya tak: ya waiwaya baya kyandir kaza, ya nemo wanda ya fi kowa tsawo a sama, sai ya tambaya, kyandir nawa suka wuce tun daga wancan? Haka ma a ƙasa. Shi ke nan fa, ba ruwansa da inda kyandir ya rufe, ba ruwansa da girmansa. Lissafin kuwa yaro ɗan firamare zai yi:

```
Aroon Up   = 100 * (N - H) / N
Aroon Down = 100 * (N - L) / N
```

N shi ne tsawon waiwayen, H kyandir nawa tun da aka yi sama mafi tsawo, L kuma nawa tun da aka yi ƙasa mafi zurfi. Da yawa 25 suke sawa, amma in ka ɗora shi a TradingView za ka tarar da 14 ne a ciki sai ka canza da kanka. Ni 25 nake so saboda lissafin yana fita sumul, kowane kyandir maki 4 ne. A ce a allon kwana-kwana farashi ya yi ƙololuwarsa kwana 5 da suka wuce, to Up ya zama 80 ke nan. Mafi ƙasa kuma kwana 20 baya, Down ya zama 20. Ka cire 20 daga 80 ka samu 60, wannan shi ne Aroon Oscillator, mai yawo tsakanin -100 da 100. In gobe ba a yi sabon sama ba Up zai sauka 76, jibi 72, gata 68, kamar mai sauka daga bene taki ɗaya-ɗaya. Ranar da aka yi sabon sama kuwa, fit ɗaya ya koma 100.

To 100 ɗin da ka gani abin da yake cewa kawai shi ne: kyandir ɗin nan da muke kai shi ne ya fi duk na cikin waiwayen tsawo. Bai ce maka da nawa ya fi su ba. Nan ne raunin Aroon yake. A ce gwal ya yi sati uku yana kai-komo, rufinsa 2,040, sai yau lagwanin kyandir ya leƙa 2,040.30 ya dawo da gudu ya rufe a tsakiya, Up 100 ne. A ce kuma ya fasa rufin ya tafi 2,075 ya rufe can, nan ma 100 ne. Santi 30 da dala 35 duk ɗaya ne a wurinsa.

ADX kuwa ya girme shi sosai, na J. Welles Wilder ne tun 1978. Shi yana duba yadda saman kyandir na yau ya wuce na jiya da nawa, da yadda ƙasansa ya wuce na jiya da nawa, ya gwada da faɗin motsin kasuwa gaba ɗaya, daga nan +DI mai auna ƙarfin hawa da -DI mai auna ƙarfin sauka suke fitowa, bambancin da ke tsakaninsu in an raba shi da jimillarsu aka ninka sau 100 shi ne DX, sai a sake tace DX ɗin a samu ADX. Tata biyu ke nan, shi ya sa yake da nawa. Kuma layin ADX shi kaɗai ba ya faɗa maka sama ne ko ƙasa, yana iya hawa alhali farashi zubewa yake, sai ka duba +DI da -DI kafin ka san alƙibla. Aroon kam layukansa biyu sun riga sun faɗa maka.

Nawar ADX ɗin ba wai ji ba ne, ana iya ƙirga ta. A saitin 14, sabon ADX shi ne tsohon sau 13, a haɗa da DX na yau, a raba da 14. Mu ɗauka yana 15, sai tafiya mai ƙarfi ta taso DX ya tsaya a 50 kullum. Kwana na farko 17.5, na biyu 19.8, na uku 22, na huɗu 24, sai a na biyar ya haye 25 da ƙyar. Kuma na yi masa alfarma ne fa, don shi kansa DX ba ya tsalle zuwa 50 rana ɗaya. Mai jiran 25 kafin ya shiga, sati guda na kasuwa ya wuce shi a allon kwana-kwana, wani lokaci ma ya shigo daidai lokacin da na farko suke kwashe ribarsu. Aroon tun ranar farko ya yi ihu. Matsalar dai ihun nasa yana da araha, har ranar da babu komai yi yake.

Akwai wani tarko na Aroon da ban taɓa jin ana maganarsa ba sai da ya kama ni. Wata rana na ga Up ya tashi daga 0 ya dira sama da 80 a kyandir ɗaya, ya keta Down, na ce to ga asubar ta yi, na danna saye ko allon farashin ban kalla da kyau ba. Kwana biyu Stop Loss ya tafi da ni. Da na koma ina ƙirga kyandir da yatsa a fuskar waya sai na gane farashi bai yi komai ba ranar, wani ɗan guntun kyandir ne ma. Abin da ya faru shi ne tsohon saman da Aroon yake riƙe da shi ya tsufa ya fita daga cikin waiwayen. Misali sama na 2,050 ya kai kwana 25, Up ya sauka 0. Washegari ya faɗo waje, dole Aroon ya nemi wanda ya rage mafi tsawo, sai ya samu wani ɗan tudu na 2,010 da aka yi kwana 4 baya, lissafi ya ba da 84. Daga 0 zuwa 84 ba tare da an yi wani sabon sama ba, sarki ne ya mutu aka naɗa wanda aka samu a gida. Yadda za ka gane shi ba wuya: tsallen gaskiya a 100 cif yake sauka, in ka ga tsalle ya tsaya a 84 ko 72 ko 92 to wannan canjin waiwaye ne ba fasa rufi ba. Ko na 100 ɗin ma yana da kyau ka duba hagu, don idan kasuwa ta daɗe a matse, rufin kwana 25 ɗin yana iya zama ƙasa da wani babban rufi na wata biyu baya wanda Aroon ya manta da shi. ADX ba ya irin wannan tsallen saboda shi tsofaffin kyandir a hankali suke dushewa a lissafinsa, ba faɗuwa suke yi lokaci guda ba.

Sai ranar labarai, irin ranar da Amurka ke fitar da rahoton ayyukan yi na NFP, kyandir ɗaya ya zabga lagwani sama ya zabga ƙasa a cikin matsattsiyar kasuwa, za ka ga Up da Down duk sun haɗu a 100, Oscillator kuma 0. Wannan ba sigina ba ce, hayaniya ce, a bar ta ta lafa.

Inda Aroon ya fi ADX a ganina, kuma ba a cika yaba masa a kai ba, shi ne nuna kasuwar da ke kwance. In ka ga layukan biyu suna gangarowa tare kafaɗa da kafaɗa har ƙasa da 50, ma'anarsa an fi kwana 12 ba a yi sabon sama ba kuma ba a yi sabon ƙasa ba, farashi na cikin akwati. ADX ƙasa da 20 ma yana nuna haka, amma Aroon har kwanakin yake ba ka. Up na 36? Ka cire daga 100 saura 64, ka raba da 4, kwana 16 ke nan rabon da a ga sabon sama.

Yanzu maganar gwal ɗinka. Ni yadda nake yi, Aroon shi ne mai buga ƙofa, ADX kuma shi nake tambaya ko baƙon kirki ne. Da Up ya taɓa 100 sai in koma kan kyandir ɗin kansa in ga a ina ya rufe, saman tsohon rufi ko lagwani ne kawai ya leƙa. In ya rufe a sama sai in ba shi kwanaki in ga ko Up zai zauna sama da 70. A saitin 25 wannan yana nufin ba a yin fiye da kwana 7 ba tare da sabon sama ba, don kwana 7 shi ne 72, na takwas 68. Tafiyar gaske za ka ga layin yana manne da silin, ya ɗan sauko 96, 92, ya koma 100, shi kuma Down yana ta sauka bene abinsa ba ya waiwaye. Kada ka ƙosa sai Down ya shiga ƙasa da 30, wannan sai ƙasa mafi zurfi ya kai kwana 18, lissafi ne kawai, ba ya sauri don kai. A ɓangaren ADX kuma ba na jiran 25, kansa nake kallo. 16 da yake gangarowa daga 22 daban, 16 da ya taso daga 12 zuwa 14 zuwa 16 kuma +DI na saman -DI suna ƙara rabuwa, wannan daban. Na biyun nake yarda da shi. In naka kwance yake shamal kamar yadda ka ce, to ni dai a wurina leƙe ne har yanzu, zan jira.

Ka kuma duba saitinka, don in 14 ne kowane kyandir maki 7 da ɗan ɗoriya ne, kwana 5 kacal ba sabon sama Up ya faɗo ƙasa da 70, layukan su yi ta sarƙewa. A allon minti 5 kuwa da wannan saitin wallahi ciwon kai ne zalla, ban ba ka shawara ba. In a MT5 kake, ADX yana ciki tun asali har iri biyu, da na yau da kullum da mai sunan Wilder, lambobinsu ba sa zuwa daidai, misalin da na yi a sama na Wilder ne. Aroon kuwa ba ya cikin waɗanda suke zuwa da manhajar, sai ka nemo ka ɗora, kuma in ka ɗora ka ƙirga kyandir da hannu sau ɗaya ka tabbata lissafinsa ya yi daidai da na sama.

Turo hoton allon da saitin da ka sa, da inda kyandir ɗin 100 ɗin ya rufe, mu duba tare.