Ƙudan zuma a kan etiket: hanya uku ta sake zana shi, da wadda ta cancanci kuɗinka

Mai sayar da zumar Adamawa a Ngaundere yana da etiket, wato takardar da ake mannawa a jikin kwalba, faɗinsa milimita 90, tsayinsa 60. An zagaye shi da layi mai kaurin milimita 0.7, kusurwoyinsa a lanƙwashe, kuma tawada biyu ce kawai a jikinsa: ruwan ƙasa mai duhu da ruwan ɗorawa, sai farin takarda. A tsakiya yana son sa ƙudan zuman da wani ya taɓa zana masa, mai siraran layuka da gashi-gashi a ƙirji da fukafukai shuɗaye masu inuwa. Da aka ɗora shi, ko wanda bai san zane ba ya ga kamar baƙo ne ya shigo gidan. Kafin ka biya kowa ya gyara irin wannan, ya kamata ka san inda matsalar take, domin da ita za ka auna kowace hanya da za a kawo maka.

Lissafin ba shi da wuya. An zana ƙudan da faɗin milimita 120, da layi mai kaurin milimita 1. Gurbinsa a etiket milimita 30 ne, wato an rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, layinsa ma ya ragu tare da shi ya koma 0.25. Kusa da shi ga layin zagaye na 0.7, kusan ninkinsa uku. To a ƙara kaurin mana? Nan ne aikin yake. Jijiyoyin fukafukan, bayan ragewa, tazararsu ba ta wuce milimita 0.6 ba. Ka mai da kowace jijiya 0.7, sai su haɗe su zama dunƙulen tawada. Ke nan daidaita kauri yana tafe da rage abubuwan da ke cikin zanen, kuma duk hanyar da ba ta iya yanke shawarar abin da za a cire, rabin aiki za ta yi maka.

Hanya ta farko, mafi arha da sauri, ita ce a bar manhaja ta bi sawun hoton da kanta. A Inkscape, wadda kyauta ce, sunan abin Trace Bitmap. A Illustrator Image Trace. A CorelDRAW kuma PowerTRACE. Cikin minti biyar za a nuna maka ƙudan ya koma bekta, wato zanen da ba ya fashewa in an ƙara masa girma, kuma ana iya tilasta masa launi biyu ko uku. Amma ga abin da ba a faɗa wa masu saye: a yadda aka saba amfani da su, waɗannan kayan ba layi suke fitarwa ba, siffa suke fitarwa mai cike da launi. Abin da idonka ke gani a matsayin layi, a gaskiya doguwar siririyar siffa ce mai gefe biyu, don haka babu wurin da za a rubuta 0.7 ta amsa. Akwai zaɓin bin tsakiyar layi, kamar Centerline a CorelDRAW da sababbin Inkscape, sai dai yana rikicewa a mahaɗar layuka, inda ƙafa ta haɗu da ciki ko fiffike da ƙirji. Yadda za ka gane an yi maka wannan aiki: ka ce a danna zanen da abin nuna ɗigogi. In ka ga ɗigo rututu kamar tururuwa a gefen fiffike guda, na'ura ce ta bi. Lanƙwasa ɗaya da hannun gwani ya ja, ɗigo biyu zuwa huɗu sun ishe ta. Wannan hanya tana da amfani idan asalin zanen baƙi da fari ne, mai kauri tun farko, kuma girmansa ba zai canja sosai ba. Ga ƙudanmu ba ta dace ba.

Hanya ta biyu ita ce a ajiye tsohon zanen a ɗauko shiryayyen tambari daga rumbunan intanet. Wasu tarin, irin su Feather da Lucide, an gina su da layi na gaske a kan fili mai gida 24 da 24, kaurin layin gida 2, wato kashi ɗaya cikin 12 na faɗin tambarin. Ka buɗa irin wannan zuwa milimita 30, layinsa ya zama 2.5, ya danne rubutu da komai. Ka rage layin zuwa 0.7, zanen ya zama fayau, fili ya yi yawa a cikinsa, domin don ƙaramin wuri aka tsara shi. Girman da layinsa zai faɗo daidai a 0.7 shi ne milimita 8.4. Saboda haka waɗannan sun dace ƙwarai da ƙananan alamomi na ƙasan etiket, kamar hoton waya kusa da lamba, amma ba su isa zama fuskar kaya ba. Sannan a duba lasisi: a rumbu irin Noun Project, na kyauta yana buƙatar a ambaci mai zanen, in ba haka ba a biya. Kuma ƙudan da ka sauke, maƙwabcinka a kasuwa ma yana iya sauke shi gobe.

Hanya ta uku ita ce mai zane ya sake jan ƙudan da hannu a kwamfuta, layi bayan layi. Ta fi tsada, tana iya cin wuni guda har da gyare-gyare, kuma ga zanen da zai zama shaidar kayanka ita muke ba da shawara. Sai dai ba duk wanda ya ce zai yi ne yake yi yadda ya kamata ba, don haka ga yadda aikin kirki yake tafiya, ka riƙa bin sa da ido.

Mai zanen zai fara da auna etiket ɗin, kafin ya taɓa ƙudan: kaurin layin zagaye, kaurin sandar haruffa, da yadda bakin layuka yake, a yanke ko a zagaye. Sai ya sa tsohon zanen a shimfiɗa ta ƙasa, ya dusashe shi, ya kulle, a ainihin girman milimita 30. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin wanda ya zana a babban girma zai cusa abubuwan da za su ɓace daga baya. Kauri biyu kacal zai yi amfani da su: 0.7 ga layin wajen jiki da fukafukai, 0.5 ga na ciki. Tunda kusurwoyin etiket a lanƙwashe suke, bakin layi da mahaɗarsa ma a zagaye za su kasance. A fayil ɗin SVG, wato fayil na bekta, da ma'auninsa milimita ne, haka yake bayyana:

```
stroke-width="0.7" stroke-linecap="round" stroke-linejoin="round"
```

Daga nan sai ragewa, da ƙa'ida guda: kada tazarar da ke tsakanin layi biyu ta gaza kaurin layin kansa. Jijiyoyin fiffike su koma biyu a kowane ɓangare. Ratsin tumbin ƙudan, in biyar ne, ya koma uku masu faɗi. Gashin ƙirji ya tafi gaba ɗaya, ko a bar tsini uku a gefen wuya don a tuna da shi. Ido ya zama ɗigo cikakke, ba zobe mai fari a ciki ba. Abin da ba a taɓawa shi ne siffar waje da yanayin tsayuwar ƙudan, domin da su ne tsohon mai saye zai gane kayan daga nesa.

Launi kuma ba a ɗaukar sa da ido daga allon kwamfuta. A kwafo ainihin lambobin launukan etiket a sa wa ƙudan: layi da ratsin tumbi ruwan ƙasa, jiki ruwan ɗorawa. Shuɗin fukafukai fa? A bar su farin takarda, layi ya zagaye su. In ana son inuwa, a yi ta da gajerun layuka biyu na 0.5, kada a yi ta da launi mai dusashewa. Ga mai buga sirigrafi, wato bugun da ake tura tawada ta cikin allo mai raga, kowane launi allonsa daban da zubinsa daban, shuɗin nan kaɗai zai ƙara maka allo na uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar layin ƙudan baƙi wuluk alhali sauran etiket ruwan ƙasa ne. A allon kwamfuta da ƙyar za ka lura, a takarda kuwa yana fitowa fili. Haka nan a ce wa mai zanen ya shigar da ruwan ɗorawa kaɗan ƙarƙashin layin duhu, kamar milimita 0.2, don in allo ya ɗan goce kada farin tsaga ya bayyana a gefen jiki. In bugun na inji ne mai launi huɗu, a tambayi maɗaba'a ko CMYK take so, wato tsarin launuka huɗun nan, domin Inkscape a RGB, tsarin launin allon kwamfuta, take aiki, kuma ruwan ɗorawa mai haske yakan dusashe wajen juyawa.

Wajen karɓar aiki ka nemi fayil biyu. Na farko mai layuka a raye, wanda za a iya canja kaurinsu nan gaba. Na biyu na kai wa maɗaba'a, wanda aka mai da layukansa siffa, da Stroke to Path a Inkscape, ko Outline Stroke a Illustrator, ko Convert Outline to Object a CorelDRAW. Dalili kuwa, in mai bugu ya buɗa etiket zuwa allon shago alhali zaɓin Scale Strokes & Effects ko Scale with object a kashe yake, ƙudan zai girma layinsa ya tsaya a 0.7, ya koma kamar zare. Wanda ya ba ka JPG ko PNG kaɗai bai gama aikin ba, komai kyansa a waya. Da yawa daga kwamfutocin Garwa da Marwa da Njamena da Faransanci manhajojinsu suke, sunayen za su bambanta, amma mai zanen da ya san aikinsa zai gane abin da kake nufi.

Kafin ka cika kuɗi, a buga etiket ɗin a takarda a ainihin girmansa, a yanke, a manna a kwalba mai zuma a ciki, ka ajiye ta a kanta ka ja da baya taku uku. In layin ƙudan da layin zagaye sun yi kama da alƙalami ɗaya ne ya ja su, kuma fukafukan ba su cushe ba, aikin ya yi. In ƙudan ne ya fara dushewa kafin rubutu, a ƙara layin wajensa zuwa 0.8 a sake bugawa. In kuma cikin zanen ne ya yi duhu, kada a rage kauri, a cire jijiya ɗaya daga kowane fiffike.