Tambayar ƙabila a takardar bincike: a jera sunaye ko a bar mutum ya faɗa da bakinsa?

"Assalamu alaikum. Zan yi bincike a gidaje 400 a ƙananan hukumomin Chikun da Kaduna ta Kudu kan zuwan mata awon ciki. A wurin ƙabila, in jera Hausa/Fulani, Yarbawa, Ibo da Sauransu su zaɓa, ko in bar fili kowace ta faɗi tata? Ba na so in ɓata wa kowa rai, kuma ina son abin da zan iya lissafawa."

Wa alaikumus salam, Malama. Bari mu ɗauki kowace hanya mu shiga da ita unguwa, mu ga abin da za ta fito da shi.

Jerin sunaye yana da sauƙi. Mai tambaya ta yi alama a akwati ɗaya ta wuce, ranar lissafi kuma komai a shirye yake. Amma ki kai wannan jerin Sabon Tasha ko Narayi. Matar da za ta buɗe miki ƙofa mai yiwuwa Gbagyi ce, ko Bajju, ko Atyap, ko Ham, ko Adara, kuma duk sunansu babu a takardar. Sai a zuba su a "Sauransu". Mace tana zaune a ƙasar kakanninta, ta ga an rubuta sunayen wasu, ita an mai da ita ragowa. Wannan kaɗai ya isa ya sa ta amsa sauran tambayoyin a taƙaice don a rabu. Ta wajen lissafi ma asara ce. A ce mata 170 cikin 400 ɗin sun faɗa wannan akwatin, to rukuninki mafi girma ba shi da suna, kuma babu abin da za ki iya cewa a kansa.

Akwatin Hausa/Fulani ma yana da tasa matsalar. Akwai waɗanda haka suke kiran kansu, kuma daidai ne a rubuta musu hakan. Amma Bafulatanar da ke ruga a gefen gari da Bahaushiyar Tudun Wada ba nisa ɗaya ke tsakaninsu da asibiti ba, ba kuma harshe ɗaya suke yi a gida ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ware Hausa daban, Fulani daban. In kin tattara su a ware, haɗa su ranar lissafi aikin minti ɗaya ne. In kin tattara su a haɗe, babu dabarar da za ta sake raba su.

Barin fili yana ba mutum girmansa, tunda ita za ta faɗi sunan da take kiran kanta. Wahalarsa sai an dawo ofis. Mace ɗaya za ta ce Bajju, maƙwabciyarta ta ce Kaje saboda da Hausa ake hirar, alhali jama'a ɗaya ce. Haka Atyap da Kataf, Ham da Jaba, Adara da Kadara, Gbagyi da Gwari. Ki ƙara da bambancin rubutu, sai ki tarar da sunaye sittin a inda bai wuce ashirin ba. Idan mai gyara bayanan bai san Kudancin Kaduna ba, zai raba jama'a ɗaya gida biyu bai sani ba.

Ni dai abin da nake yi, kuma shi nake ba ki shawara, baki ya bi hanya ta biyu, takarda ta bi ta farko. A yi tambayar a buɗe, kada a karanta wa kowa jeri. Jerin yana hannun mai tambaya, dogo, ita ce za ta nemo abin da aka faɗa ta yi masa alama. Haka masu binciken Afrobarometer, cibiyar da ke tattara ra'ayoyin jama'a a ƙasashen Afirka, suke yi. A cikin jerin ki fara da sunan da mutanen suke kiran kansu, sunan da Hausawa suka saba ya biyo baya don mai tambaya ta gane, amma na farkon ne zai fito a rahoto, domin da yawa ba sa son na biyun. In da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ko ODK za ki yi aiki, ki sa nau'in tambayar `select_multiple` don 'yar da mahaifinta da mahaifiyarta suka bambanta ta iya faɗin biyu. Shafin `choices` zai yi kama da haka:

```
list_name  name     label
kabila     bajju    Bajju / Kaje
kabila     atyap    Atyap / Kataf
kabila     wata     Wata daban
kabila     ba_amsa  Ba ta so ta faɗa
```

Wadda ta faɗi abin da babu a jeri, a rubuta shi yadda ta faɗa a fili na gaba.

Kalmomin tambayar su ne inda na fi so ki tsaya. "Wane yare ce ke?" kada ta shiga takardarki ko kaɗan. A bakin mutanen garin nan, "yare" yakan nufi wanda ba Bahaushe ba, kuma yana haɗa harshe da asali wuri ɗaya. "Ƙabila" ma tana da wannan ɗan nauyin. Za ki samu Bahaushiya ta ce miki ita ba ƙabila ba ce. Abin da ke warware shi shi ne a nuna kowa ake tambaya: "Wannan tambayar kowa muke yi wa, kuma ba dole ba ne a amsa. A cikin ƙabilun ƙasar nan, wacce kike ɗaukar kanki a ciki?" Harshe kuma ki ba shi tambayarsa daban: "Wane harshe aka fi yi a gidan nan?" Yarinyar da aka haifa a Kakuri tana iya zama Ham, Hausa ce harshenta na yau da kullum. Ga binciken awon ciki, wataƙila tambayar harshen ta fi yi miki amfani, don ita ke nuna ko mace na fahimtar ma'aikaciyar jinya. Kada kuma a tambayi "'yar ina ce ke", don wannan batun asali da baƙunci ne, wani abu daban.

Ki ajiye tambayar kusa da ƙarshe, bayan an saba. Garin da ya ga rikicin 2000 yana da dalilin ɗari-ɗari da baƙon da ya fara da ƙabila tun daga bakin ƙofa. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ma ba su yi wannan tambayar ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa ƙabila cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman, don haka ki faɗa wa mutane dalilin tambayar, ki raba suna da adireshi daga amsoshin.

Ranar lissafi za ki tarar da ƙananan rukunai. A ce mata shida ne daga wata ƙabila: kowace ɗaya tana motsa sakamakon da kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma a unguwa ɗaya ana iya gane su wane ne. Irin waɗannan ki haɗa su a tebur, ki rubuta a ƙasansa waɗanda kika haɗa da sunayensu, asalin amsoshin kuma su zauna yadda aka faɗe su.

Bayan kwana biyun farko a fili, ki duba amsoshin kowace mai tambaya daban. Wadda "Wata daban" ta yi mata yawa, ko jerinki ya gaza ko ba ta iya nemo sunayen ba. Wadda kuma ba ta taɓa samun mace mai ƙabila biyu ko wadda ta ƙi amsawa ba, alhali abokan aikinta a unguwa ɗaya suna samu, ki bi ta gida biyu ko uku ki saurara. Sau da yawa za ki ga suna da shiga take dubawa ta cike da kanta, ba ta yi tambayar ba.