Raba yashi da gishiri: takardar tacewa ko kyalle?

A makarantar da ke da murhu ɗaya da ɗalibai cike da aji, kamar wasu makarantunmu na Zariya, darasin raba yashi da gishiri yakan tsaya ne a kan abin tacewa. Farkon aikin ɗaya ne: cokali biyu na yashi, ɗaya na gishiri, a zuba ruwa rabin kofi, a motsa har gishirin ya narke.

Takardar tacewa tana fitar da ruwa garau, yashi ya tsaya a mazurari. Sai dai tana da nawa, kuma idan yaro ya tsokane ta da cokali ta huje, ruwan ya sauko da duhu. Kyallen auduga kuwa, a ninka shi huɗu a ɗaure a bakin gorar roba da aka yanke, yana da sauri, kusan kyauta ne. Aibinsa shi ne ƙurar yashi tana wucewa, gishirin ya fito da launin ƙasa. Maganin wannan, a wanke yashin tun daren jiya.

Ni dai kyalle nake ba kowane rukuni, in ajiye takarda ɗaya ta nuni, su ga bambancin da idonsu.

Wajen ƙafar da ruwan ne hatsarin yake. Malami kaɗai zai riƙe murhu, ɗalibai su ja baya, a tattare hijabi kar ya taɓa wuta. Da gishiri ya fara tartsatsi a kashe wuta, sauran danshin ya bushe da zafin kwanon. Kar kowa ya ɗanɗana. Lokacin hunturu ma ana iya shanya ruwan kaɗan a faranti a rana, washegari a tarar da gishiri.