Na ɗaga mata matsayi, manhajar ta ce ba ta san zancen ba

Wata takwas ke nan muna amfani da wannan manhajar ta kula da shigar ma'aikata da raba izini, kuma sai yanzu na ga dalilin zama in yi rubutu a kanta. Ba zan tsaya kan kuɗi ba, duk wanda ke biyansu wata-wata ya san abin da ke fita daga aljihunsa. Ƙara sabon ma'aikaci ba wuya, shafin admin ɗin ma bai da nauyi. Abin da ya kawo ni shi ne wata safiyar Laraba da manhajar ta sa na zama kamar maƙaryaci a gaban abokiyar aikina.

An ba ta sabon aiki na gyara rahotanni, aka ce in mayar da ita daga `viewer` zuwa `editor`. Da ƙarfe 9:10 na shiga na canza, na danna `Save`, aka nuna min koren saƙo cewa komai ya yi. Na aika mata cewa ta duba. Bayan minti biyu ta zo ta tsaya a kaina: "Malam, ka tabbata kuwa ka yi? Ni dai har yanzu ba na ganin wurin gyara." Na juya mata allon kwamfutata, ga sunanta, ga `editor` a gefensa ɓaro-ɓaro. Muka koma teburinta, ta sake loda shafin sau uku, shiru. Na kwafo mata adireshin shafin gyaran kai tsaye daga tawa burauzar, ta buɗe, sai ga `403 Forbidden`.

Wannan lambar ce ta fara ba ni haske, ko da yake a lokacin haushi bai bar ni na lura sosai ba. Da `401` ce, da ma'anarta ita ce sabar ba ta gane wace ce ba, ko dai takardar shaidarta ta mutu ko ba ta da kyau. Ita kuwa `403` cewa take yi na san ki sarai, amma ba ki da izinin wannan wurin. Wato shigarta lafiya lau take. Matsayinta ne sabar ke gani a tsohon yadda yake.

Na rubuta wa masu kula da kwastomomi. Amsar farko ta zo da wuri, amma irin wadda ake ajiyewa a manna wa kowa ce: a share kuki, a share tarihin burauza, a sake gwadawa. Babu kalma ɗaya ta bayanin dalili. Ni kuma ba na son a ce in share komai ba tare da na san abin da nake sharewa ba, don gobe ma zai sake faruwa da wani. Sai na ja kujera na zauna a kwamfutarta da izininta, na danna F12, na shiga `Network`, na buɗe buƙatar da ta faɗi. A cikin kanun buƙatar akwai layin `Authorization: Bearer` da wani dogon rubutu a bayansa mai ɗigo biyu da suka raba shi kashi uku. Wannan shi ne tokin, irin wanda ake kira JWT. Kashin tsakiya shi ke ɗauke da bayanan mai shi, kuma ba a ɓoye yake ba, sa hannu kawai aka yi masa don kada a canza shi. Kowa na iya karanta shi:

```
echo "$TOKEN" | cut -d. -f2 | tr '_-' '/+' | base64 -d
```

Wani lokaci umarnin yakan yi ƙorafi a ƙarshe saboda an yanke alamun `=` na cikon wutsiya, amma yana fito da abin da ake nema. Kada dai a ɗauki tokin mai rai a manna shi a wani shafi na intanet don a karanta, domin duk wanda ya riƙe shi kamar ya riƙe makullin ne. Ga abin da ya fito a nata, na cire abin da bai shafe mu ba:

```
{ "roles": ["viewer"],
  "iat": 1700038200,
  "exp": 1700041800 }
```

Nan na gane komai. `iat` lokacin da aka buga tokin ne, `exp` lokacin mutuwarsa, duka biyun a ƙidayar daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. Idan ka debe ɗaya daga ɗaya za ka samu 3600, wato awa guda cif. Ta shiga da ƙarfe 8:50, aka buga mata tokin da ke cewa `viewer`, zai rayu har 9:50. Ni kuma na canza matsayinta 9:10, minti ashirin bayan an riga an buga shi. Canjin nawa ya shiga rumbun bayanai, amma takardar da ke hannunta tana nan da tsohon rubutu, kuma sabar rahotanni ba ta komawa rumbun ta tambaya. Tana duba sa hannun, ta duba lokacin mutuwa, ta karanta `roles`, shi ke nan. Da gangan aka tsara shi haka don kada kowane danna maɓalli ya zama tafiya zuwa rumbun bayanai. Sake loda shafi kuma bai taɓa zama magani ba, tunda burauza tana ajiye da tokin a `localStorage`, duk lodawa shi ɗin take sake ɗaukowa ta aika. Ko rufe burauzar aka yi aka buɗe, yana nan.

A gaskiya a wannan gaɓar fushina ya sauka. Na ce ashe ba lalacewa ba ce, jira ne kawai na minti arba'in. Na ce mata ta yi haƙuri zuwa goma saura minti goma, lokacin burauzar za ta yi amfani da tokin na biyu, mai dogon rai, wanda aikinsa kawai karɓo sabon tokin shiga, kuma sabon zai zo da `editor`. Har na fara tunanin ba su uzuri.

Ƙarfe goma ta yi, ta sake zuwa. Wai har yanzu babu maɓallin gyara.

Na sake buɗe `Network`, na karanta tokin, ga `editor` a ciki kamar yadda na yi tsammani. Na manna adireshin shafin gyara kai tsaye, ya buɗe ba musu. To ina maɓallin? Ashe jerin maɓallan da ke gefen allo ba daga tokin ake zana su ba. Manhajar tana kwafe sunan mutum da matsayinsa sau ɗaya a lokacin da ya shiga, ta ajiye a cikin zamansa, wato abin nan da kuki ke riƙe da lambarsa, kuma zaman nasu awa takwas yake yi. Sabunta tokin bai taɓa wannan kwafin ba. Ke nan wurare uku ne ke riƙe da amsar tambaya ɗaya: rumbun bayanai da ya san gaskiya tun 9:10, tokin da ya gano ta 9:50, da zaman da zai ci gaba da tsohon labari har kusan biyar na yamma in ba a fita an sake shiga ba. Ƙofa a buɗe take, amma an ɓoye mata hanyar zuwa wurinta.

Wannan kashin ba zan yafe musu ba. Na farko halin irin wannan tokin ne a ko'ina, na yarda. Na biyu kuwa sakacinsu ne, don babu abin da ya hana su sake karanta matsayi duk lokacin da tokin ya sabunta. Kuma koren saƙon nan da ke cewa an adana, me zai rage su da shi in sun ƙara layi ɗaya cewa canjin ba zai bayyana ba sai mutum ya fita ya sake shiga? Da na ga wannan layin, da cikin minti ɗaya an gama.

Abin da ya warware shi ɗin ke nan. Ta danna `Sign out`, ta sake shiga, maɓallin ya fito. Dabarar da na koya don gaba ita ce tagar sirri ta burauza: a buɗe ta, a shiga da asusun mutumin. Tunda ba ta ɗauko tsohon kuki ko tsohon tokin, idan izinin ya yi aiki a can, to ajiyayyen abu ne matsalar, a fita a sake shiga kawai. Idan can ma `403` ce kuma sabon tokin bai nuna matsayin ba, to kada a ɓata lokaci kan burauza, a koma shafin admin, wataƙila wani asusun aka canza, ko kuma an sa matsayin a wata manhajar daban ba wadda ake nema ba.

Da yamma wani injiniyansu ya amsa saƙona na biyu, kuma shi kam ya san aikinsa, ya tabbatar da duk abin da na gano ba tare da kwana-kwana ba. Saboda shi na so in sassauta hukuncina. Sai dai amsarsa ce ta tuna min da abin da ya fi damuna. Idan ƙarin matsayi yana jinkiri, ragewa ma haka take. Wata biyu da suka wuce na cire wa wani matsayin admin bayan an sauya masa sashe, na tashi hankalina kwance cewa na rufe ƙofa. Ashe tokin da ke hannunsa yana iya ci gaba da aiki har tsawon awa guda bayan nan. Babu abin da ya faru, mutumin kirki ne, amma ni ban sani ba, kuma babu inda aka gaya min.

Na tambayi injiniyan ko maɓallin `Revoke sessions` yana maganin wannan. Ya ce yana kashe zaman, ya kashe tokin sabuntawa, don haka mutum ba zai ƙara samun sabo ba. Amma tokin shiga da aka riga aka buga zai ci gaba da karɓuwa har lokacin `exp` ɗinsa, tunda sabar rahotanni ba ta tambayar kowa kafin ta yarda da shi. Hanyar da ta rage ita ce rage tsawon ransa. Na nemi wurin, na same shi can ƙasan wani shafi da ban taɓa buɗewa ba, na mayar da shi daga minti 60 zuwa minti 15. Illarsa ita ce burauza za ta riƙa neman sabon tokin sau huɗu a awa maimakon sau ɗaya, kuma mu da ba mu da yawa ba mu ji wani bambanci ba. Ban san dalilin da ya sa suka ɓoye wannan saitin haka ba, alhali sun cika shafin farko da zane-zanen ƙididdigar da ba wanda ke kallo.

Ba mu bar manhajar ba, don ƙaura da asusun kowa wahala ce da ba ni da lokacinta yanzu. Amma tun daga ranar, duk wanda na canza wa matsayi sai na danna `Revoke sessions` a kansa nan take, in aika masa cewa ya sake shiga, in kuma ragewa na yi sai in duba agogo in ƙirga minti goma sha biyar kafin in ce wa kowa an gama. Maganar layin gargaɗin da na roƙa a ƙara a koren saƙon, sun ce sun miƙa ta ga masu gina manhajar. Makon jiya na sake canza wa wani matsayi, saƙon yana nan yadda yake.